Yadda shugaban makaranta zai rubuta takardar maraba da iyaye ranar ziyara, har su buɗe baki su yi tambaya

A shekarun farko da na riƙe wata ƙaramar makarantar firamare a Agege, takardar da nake aika wa iyaye kafin ranar ziyara, wadda malamai ke ce wa ofin de, da jimla ɗaya take ƙarewa kullum: "Ƙofarmu a buɗe take ga duk mai tambaya ko ƙorafi." Iyaye su zo, mu gaisa, su duba littattafan yara, su sa hannu, su yi mana addu'a su tafi. Ni kuma in koma ofis ina ganin komai lafiya lau.

Sai wani zango, mako uku bayan ranar ziyara, wani bawan Allah mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya zo karɓar takardar canjin makaranta ta 'yarsa da ke aji uku. Na tuna shi sarai, don ranar ziyara a layin gaba ya zauna. Na ce, "Alhaji, lafiya? Me muka yi?" Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce yarinyar ta shekara uku a wurinmu ba ta iya karanta sunan da ke jikin gwangwanin madara, kuma kwanakin baya ta koma gida da shatin bulala a hannu. Na ce to me ya hana shi faɗa ranar da ya zo? Ya ce, "Malam, ai ban ga wurin faɗa ba. Gaban mutane zan tashi in ce 'yata ba ta iya karatu?"

Tun daga ranar na sake salon takardar gaba ɗaya. Abin da na gane shi ne, cewa "duk mai tambaya ya yi" ba ya buɗe bakin Bahaushe. Kunya da kara sun fi ƙarfin wannan jimla. Mutumin da ya taso da girmama malami ba zai tsare malamin ɗansa da tuhuma ba sai an nuna masa wurin da zai zauna, da wanda zai saurare shi, da harshen da zai yi magana da shi, kuma an riga shi ambaton abin da ke damunsa. Ga yadda nake bi yanzu.

Kafin ka ɗauki biro, nemo abin da iyaye ke faɗa a bayanka

Mako biyu kafin ranar, nakan zauna da mutum huɗu, kowa shi kaɗai: maigadi, mai karɓar kuɗin makaranta, malamar ajin nazare, da malamin ajin ƙarshe. Tambaya ɗaya nake musu: wace magana ce iyaye suka fi maimaitawa a wannan zangon? Maigadi shi ke jin gunagunin bakin ƙofa da safe. Mai karɓar kuɗi shi ke ganin yadda fuskar uba take canjawa idan aka miƙa masa rasit. Malamar nazare kuwa da ita iyaye mata ke sakin jiki lokacin ɗaukar yara.

Kada ka tambaye su a taron malamai. A gaban juna kowa zai ce ba komai, don ba mai son a ce ajinsa ne ake kuka da shi.

Abubuwan da za su fito a makarantar da 'ya'yan Hausawa suka yi yawa a Legas ba su cika wuce waɗannan ba: ƙarin kuɗin makaranta da ƙananan kuɗaɗen da ke biyo baya, dukan yara, yaro ya daɗe bai iya karatu ba, darasin yamma da ke cin lokacin Islamiyya, darasin Yarbanci, hijabi da tsawon yunifom, da yaran da ake tafiya da su Arewa da Sallah su dawo an yi musu nisa. Daga ciki zaɓi uku, in ya yi yawa huɗu. Ka zaɓi waɗanda suka fi yi maka nauyin faɗa. Idan ka tsallake maganar ƙarin kuɗi alhali kowa ya san an ƙara, duk sauran abin da ka rubuta za a karanta shi da zargi.

Lissafin lokaci

Wannan mataki gajere ne, amma a kansa gayyatar take tsayawa. Ƙirga yaran ajin da ya fi cika, ka ninka da mintunan da za ka ba kowane gida. A wurinmu ajin da ya fi yawa yana da yara 24. Idan kowane mahaifi ya samu minti 8 da malamin aji, minti 192 ke nan, wato awa uku da minti 12. Daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana minti 240 ne, saboda haka akwai rarar minti 48 ta wanda maganarsa ta yi tsawo. Da na ce minti 10, lokacin zai cinye tas, kuma mutum biyar na ƙarshe za a sallame su a tsaye. Waɗanda suke zuwa a ƙarshe kuwa galibi su ne masu nisa da masu aikin da ba ya barinsu, wato waɗanda ba ka cika gani ba.

Ranar ma a duba ta. Juma'a ba ta yi, don tun sha biyu hankali ya koma masallaci. Litinin 'yan kasuwa ba sa son barin shago. Mu Alhamis muke sawa, saboda a Legas kasuwanni ba sa buɗewa da sassafe ranar Alhamis sai an gama tsaftar mako wajen ƙarfe 10, don haka uba zai iya barin yaron shagonsa a kasuwa, shi ya biyo ta makaranta tukuna. Idan iyayenka ma'aikata ne da ke tsallakawa cikin gari tun asuba don gudun gosulo, Asabar ta fi musu. Da damina kuma, musamman watannin Yuni da Yuli, ka rubuta a takardar abin da za a yi idan ruwa ya tare hanya. Kada ka sa wa kowane gida minti takamaimai, a ce ƙarfe 10:16, don motar haya ta danfo ba ta bin wannan lissafin. Raba su gida biyu ya isa: rukunin safe da rukunin hantsi.

Harshe da hanyar aikawa

Takarda ɗaya, fuska biyu: Hausa a gaba, Turanci a baya, tunda akwai iyaye Yarabawa da sauran maƙwabta, akwai kuma Hausawan da aka haifa a nan waɗanda karatun Turanci ya fi musu sauƙi. Ka fara rubuta ta Hausar, kada ka rubuta Turanci sannan ka juya. Takardar da aka juya tana fitowa da irin "muna farin cikin sanar da ku cewa", mai karatu kuma ya ji kamar sanarwar banki ce.

Takarda kaɗai ba ta isa. Da yawa cikin iyayenmu sun yi karatun allo mai zurfi, suna karanta ajami, amma boko yana musu nauyi, kuma ba za su faɗa maka ba. Abin da ke faruwa shi ne yaron ne ke karanta wa uban takardar, yaron da ya san littafinsa ba maki kuwa ya san layin da zai tsallake. Saboda haka nakan karanta takardar da bakina in tura saƙon murya ta WhatsApp, kada ya wuce minti biyu da rabi. A tura wa lambar uba da ta uwa duka, idan makaranta na da su. Sau da yawa uba ne ke biyan kuɗi, uwa ce ta san abin da yaron ke faɗa da dare.

Takardar ta fita saura kwana goma, saƙon murya saura mako guda, gajeriyar tunatarwa kuma ana jibi.

Takardar kanta

Ga irin wadda nake aikawa. Na cire sunaye, kowa ya sa nasa.

"Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da amanar 'ya'yanku da kuka ba mu. Ranar Alhamis mai zuwa ta sama, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, muna gayyatarku ku shigo ajin yaranku ku ga aikinsu da idonku. Wanda bai gama biyan kuɗin makaranta ba shi ma ya zo. Ba za a tare kowa a ƙofa ba, ba za a yi wa kowa maganar bashi a aji ba.

Kowane gida zai zauna da malamin aji minti takwas, ku kaɗai, ba mai jin maganarku. Za a ajiye muku littattafan yaron a kan tebur. Ku ce ya karanta muku layi uku daga littafin karatunsa, ku saurara da kunnenku.

Mun san akwai abubuwan da ke ranku. Na farko, kuɗin makaranta ya ƙaru a wannan zangon. Za mu manna bayanin inda kuɗin ke tafiya a ƙofar ofis, kuma wanda yake son biya kashi-kashi ya same ni ni kaɗai. Na biyu, duka. Ba mu yarda malami ya doki yaro ba. Idan ɗanku ya taɓa komawa gida da shati ko ya ce an dake shi, ina roƙonku ku gaya mini, kuma na ɗauki alkawarin ba za a huce a kansa ba. Na uku, darasin yamma na 'yan aji shida yana shiga lokacin Islamiyya. Ba mu yanke hukunci ba tukuna, muna son jin ra'ayinku kafin mu yanke.

Wanda maganarsa ta fi ƙarfin malamin aji, ko kuma game da malamin ne, ina ofis daga 9 zuwa 1, ba inda za ni. Iyaye mata da suka fi son magana da mace, malamar nazare tana ɗakin da ke kusa da famfo. Ku yi magana da Hausa, ko Yarbanci, ko Turanci, ko buroka, duk akwai mai ji. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo saƙon murya ta lambar makaranta, ni nake saurara da kaina.

Duk maganar da aka kawo za a rubuta ta, kuma za ku ji amsa daga gare ni kafin Alhamis ta zagayo. Ba tambayar da ta yi ƙanƙanta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.
Shugaban makaranta."

Yanzu bari in bi ta in faɗi dalilin kowane sashe, don wanda zai rubuta tasa ya san abin da zai iya canjawa da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Maganar bashi ta zo a sakin layi na farko da gangan. Gidan da ake bi bashi shi ne gidan da ba ya zuwa ranar ziyara, kuma sau da yawa yaron gidan ne ya fi rasa darasi saboda kora. Idan ka rubuta wannan layi, to ka gaya wa maigadi da mai karɓar kuɗi baki da baki. Uba ɗaya aka tsayar a ƙofa da littafin bashi, labarin ya zagaye unguwa kafin la'asar, kuma takardarka ta baɗi ba mai yarda da ita.

"Ku kaɗai, ba mai jin maganarku" alkawari ne da ke buƙatar a motsa kujeru. Teburin malami ya koma can ƙuryar aji, benci na masu jira ya fita baranda. Na taɓa shiga aji na tarar da iyaye shida a tsaye kan malama, tana gaya wa ɗaya cewa ɗansa ne na ƙarshe a lissafi, sauran biyar suna ji. Uban ya yi murmushi ya ce Allah ya kyauta. Wannan murmushin na san shi yanzu, na mutumin da ya gama yanke shawara ne.

Layin da na fi so a duk takardar shi ne na "ya karanta muku layi uku". Yana ba mahaifin da bai yi boko ba abin auna karatu da kansa. Ba sai ya gane Turancin ba. Wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin yaron da ke karantawa da wanda ke tilawar abin da ya haddace, ya san in-ina, ya san yaron da ke satar kallon fuskar malami yana jiran a ɗora shi. Ka gaya wa malamai su bar uban ya buɗe shafin da ya ga dama. Idan malami ne ya zaɓi shafin, wanda aka bita jiya zai buɗe. Daga wannan karatun na layi uku tambayoyi na gaskiya suke fitowa, domin yanzu uban yana da abin da ya gani, ba zargi yake ba.

Sashen damuwa uku kuwa, lura da cewa kowace an ba ta irin amsarta. Ta kuɗi an riga an yanke, don haka ba a yi kamar ana neman shawara ba, an dai yi bayani an buɗe hanyar sauƙi. Ta duka an faɗi matsayin makaranta ƙarara, wanda kuma shi ne matsayin gwamnatin Jihar Legas, da ta hana dukan ɗalibai a makarantu. A nan ka shirya jin kishiyar ƙorafin ma, don akwai uban da zai ce maka, "Malam, ku dake shi mana, mu ma da bulala muka yi karatu." Ka tanadi amsa mai ladabi, ka nuna masa irin horon da kuke yi a madadinta, kada ya tafi da tunanin an sakar wa yaro linzami. Ta ukun ita ce wadda da gaske ba a yanke ba, kuma an faɗi haka. Kada ka taɓa rubuta "muna son jin ra'ayinku" kan abin da ka riga ka gama. Iyaye suna ganewa, kuma ba sa mantawa.

Idan a wurinka Yarbanci ne abin gunaguni, faɗi gaskiyar lamarin a layi biyu: tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da shi a makarantun gwamnati da masu zaman kansu, saboda haka ba zaɓin makaranta ba ne, kuma ga taimakon da ake ba yaron da ya zo daga Arewa bai taɓa jin harshen ba. Idan hijabi ne, iyaye da yawa sun san Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi na da damar sa shi a makarantun gwamnatin Legas, don haka za su tambaya. Rubuta ƙa'idar makarantarka a fili, launi da tsawo, kada a bar wa maigadi ya yanke a bakin ƙofa.

Sai jimlar "ko kuma game da malamin ne". Kalmomi kaɗan ne, amma su ne suka rasa a takardata ta dā. Idan hanya ɗaya tilo ta kai kuka ita ce teburin malamin aji, to kukan da ya shafi malamin ba shi da inda za shi. Wasu malamai za su ji haushin wannan layi. Ka zauna da su kafin takardar ta fita, ka gaya musu cewa ba za a hukunta kowa da jin ɓangare ɗaya ba, kuma ƙorafin da ya zo ofis ya fi musu alheri a kan wanda ya tafi majalisar unguwa.

Abin da babu a takardar shi ma da gangan ne. Babu tarihin kafa makaranta, babu jerin kofunan da aka ci, babu "makarantarmu ita ce kan gaba". Wanda aka cika wa kunne da yabon kai yana jin nauyin kawo aibi. Babu kuma jerin laifuffukan iyaye, irin makara da rashin guga da rashin sayen littafi. Waɗannan suna da tasu takardar a wani lokacin. Idan ka haɗa gayyata da faɗa, faɗan kaɗai za a ji.

Ranar kanta

Idan za ka yi jawabi ga waɗanda suka zo da wuri, kada ya wuce minti biyar, kuma abin da ke takardar za ka maimaita. Kada ka rufe da "akwai mai tambaya?" a gaban taro. Mutum biyu ne za su tashi, waɗanda suka saba magana a kowane taro, su cinye rabin awa, sauran su yi shiru. Ka ce musu tambayoyi suna aji da ofis, ka nuna ƙofofin da hannu.

Sannan ka zauna a ofis kamar yadda ka rubuta. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, don za a yi ta kiranka: baƙo ya zo, janareto ya ƙi tashi, mai makaranta yana son a zagaya da shi. Wakilta wani. Uwar da ta tattara ƙarfin halinta ta zo ƙofar ofis ta tarar ba kowa ba za ta dawo ba.

Ajiye littafi guda mai layi biyar: kwanan wata, ajin yaro, maganar da aka kawo, wanda zai bi ta, da ranar da aka ba da amsa. Kowane malami ma ya samu takarda irin wannan. Ka rubuta a gaban mai maganar, ka karanta masa abin da ka rubuta, ka ce, "Hajiya, haka ne ko na rage wani abu?" Sau da yawa a nan ne ainihin maganar take fitowa. Wata uwa ta zo mini da kukan cewa ɗanta yana yawan ɓatar da fensir. Na rubuta, na karanta mata. Ta yi jim, ta gyara mayafi, sannan ta ce ba ɓatarwa yake ba, wasu manyan yara ne ke ƙwacewa a bayan banɗaki, har da kuɗin tara, kuma ya ce in ta faɗa za su dake shi a hanya. Da na ce mata "za mu duba" tun a jimlar farko, da maganar fensir kaɗai za ta tafi da ita. Bahaushe yakan fara da ƙaramar magana ya ga yadda za a karɓe ta, don haka kada ka yi saurin sallama. Bayan kowace amsa ka ce, "Sai kuma me?" ka yi shiru ka jira.

A wannan maganar abin da muka yi shi ne: washegari aka sa malami tsayawa wajen banɗaki lokacin tara, ba tare da an ambaci sunan yaron ba. Cikin kwana biyu malamin ya ga abin da idonsa, saboda haka aka kira iyayen manyan yaran bisa shaidar malami, ba bisa ƙarar uwar ba. Ranar Talata na kira ta na gaya mata abin da aka yi. Bayan mako biyu na sake kira in ji ko ya daina.

Akwai iyaka da ya kamata ka sani. Alkawarin "amsa cikin mako guda" na maganganun yau da kullum ne. Idan abin da aka kawo ya shafi taɓa jikin yaro ta hanyar lalata, ko rauni mai tsanani, ba ya jiran mako, ba kuma a sasanta shi a ofis don kare sunan makaranta. A ranar za a raba wanda ake zargi da yara, a rubuta abin da aka faɗa da kalmomin mai faɗa, a kai rahoto ga hukuma kamar yadda tsarin kare yara na Jihar Legas ya ɗora wa makarantu. Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin cewa irin wannan magana za ta tsaya tsakaninku. Abin da za ka iya alkawarta shi ne ba wanda zai ji sai wanda aikinsa ne ya ji.

Yadda za ka gane ko takardar ta yi aiki

Da yamma tattara takardun malamai ka haɗa da littafinka. Kada ka ƙirga yawan waɗanda suka zo kawai, duba su wane ne ba su zo ba. Ɗauki rajistar aji ka yi alama a kan gidajen da ba a gani ba, sannan ka ajiye ta kusa da jerin masu bashi da jerin yaran da ke ƙasa a sakamako. Idan sunayen sun yi ta haɗuwa, saƙonka bai kai inda aka fi buƙatarsa ba. Waɗannan gidaje kira ake yi, ɗaya bayan ɗaya, da muryar shugaba, a kuma fara da gaisuwa da wani abin kirki na gaskiya game da yaron.

Littafin da ya fito fari fat, ba ƙorafi ko ɗaya, ba alamar lafiya ba ce. Makarantar da ke da yara sama da ɗari ba za a rasa mai damuwa ba. Haka kuma idan duk maganganun na fanka ne da fenti da ruwan sha, ba ko ɗaya game da karatu ko malami, to iyaye sun tsaya a bakin ruwa suna gwada zurfinsa. Ka gyara fankar da wuri, ka sanar an gyara, domin da ita suke auna ko za su kawo babbar magana a zango na gaba. Idan kuma ajin wani malami ne kaɗai takardarsa ba komai alhali sauran sun cika, je ka zauna a bayan ajin nan kwana biyu ka gani.

Kafin Alhamis ta zagayo, kowa ya ji amsarsa, ko da amsar "ba za mu iya ba" ce, tare da dalili. Maganganun da suka shafi kowa, kamar ta darasin yamma, a haɗa su a saƙon murya guda ba tare da sunan kowa ba: ga abin da kuka faɗa, ga abin da muka yanke. A wurinmu darasin 'yan aji shida ya koma safiyar Asabar, aka bar wa Islamiyya yammacinta. Takardar zango na gaba kuma da wannan na buɗe ta, bayan sallama: a ziyarar da ta wuce kun kawo maganar banɗaki da ta darasin yamma da ta fankar aji biyu, ga inda kowacce ta kwana, ta fankar aji huɗu kuma har yanzu ba mu yi ba, sai ƙarshen wata.